Kwanan Wata Biyu a Jikin Kowace Kwalba
Jawabin da aka gabatar a taron reshe kan rajistar sinadaran ɗakin gwaji



Mu huɗu ne hukumar makarantarmu ta ɗora wa aikin ƙidaya kayan da ke cikin kabad ɗin kimiyya. Uku daga cikinmu malaman firamare ne, ta huɗun kuwa malamar kimiyya ce ta ƙaramar sakandaren da muke harabar ɗaya da ita. Kamar yadda yake a makarantu da yawa, ɗaki guda ne muke tarayya a kansa, makulli guda, kabad guda na ƙarfe. Mun shiga da zaton aikin rabin yini ne: a ƙirga kwalabe, a rubuta adadi, a sa hannu. Sai da muka yi mako biyu. Abin da ya riƙe mu shi muka zo mu faɗa muku, domin mun tabbata akwai irin wannan kabad a makarantun da yawancinku kuka fito.

Mun sami kwalabe da gwangwanaye arba'in da uku. Mun kuma sami tsohuwar rajista mai gurbi biyu kacal, suna da adadi. Rajistar ba ta yi ƙarya ba, don kusan duk abin da ta ce akwai, akwai shi. Sai dai ta ɗauki sinadari kamar kujera ko allo, wato abin da in an ajiye shi bara za a same shi bana yadda aka bar shi. Sinadari ba haka yake ba. Tun daga ranar da aka murɗe murfinsa, iska da danshi da zafi da haske suke fara aiki a kansa. Wani ƙarfinsa ya ragu har ya zama bai da amfani, wani kuma ya rikiɗe ya zama abin da ya fi na farko haɗari. Saboda haka rajistar da ba ta san ranar buɗewa ba, ba ta san abin da ke cikin kwalbar ba, ko da ta san sunansa.

A can ƙasan kabad, bayan wasu kwalaye, akwai wata kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa, ruwan cikinta bai kai rabi ba. Takardar jikinta ta kode, kuma akwai wani farin ɓawo kamar gishiri a wuyan murfin. Ɗaya daga cikinmu ya miƙa hannu zai buɗe ya sansana, don ya san abin da zai rubuta. Malamar kimiyya ta ce, "Malam, don Allah dakata, kada ka murɗa." Ta haska takardar da fitilar waya. Abu biyu suka rage da ake iya gani: hoton harshen wuta cikin akwati mai ruwan lemo, da wannan rubutu, (C₂H₅)₂O. Wannan shi ne sinadarin ita, wanda a da likitoci suke sa marasa lafiya barci da shi.

Haɗarinsa iri biyu ne. Na farko, yana tafasa a wajen digiri 35 na ma'aunin Salshiyas, kuma kowa a nan ya san yadda ɗaki mai rufin kwano yake da azahar a watan Afrilu. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske wuta a nesa. Na biyu, wanda ya fi muni, idan aka buɗe shi iska ta shiga, a hankali yana haifar da wani sinadari a cikinsa wanda gugar murfi kawai ko buguwa kan iya sa shi fashewa. Farin ɓawo a wuyan irin wannan kwalba alama ce da ake jin tsoro. Shi ya sa ɗakunan gwaji da yawa ba sa barin buɗaɗɗiyar kwalbarsa ta wuce shekara guda ba a gwada ta ko an fitar da ita ba. Tamu kuwa babu wanda ya san shekarunta. Ba mu taɓa ta ba. Muka kulle ɗakin, muka rubuta wa ofishin ilimi, aka nemo waɗanda aikinsu ke nan suka zo suka ɗauke ta. Da wanda ya fara buɗe ta ya rubuta kwanan wata a jikinta, da wani ya lura tun shekarun baya cewa wa'adinta ya cika.

Daga wannan rana muka ja sabuwar rajista. Bayan lamba da suna da ƙarfin sinadari da yawansa, mun ƙara gurbi huɗu: tambarin gargaɗi, yanayin ajiya, ranar buɗewa, da ranar da aka tsara fitarwa. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Gurbi na farko shi ne tambarin gargaɗi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsari guda na waɗannan tambura a shekarar 2003, don mai sayar da sinadari da mai amfani da shi su fahimci juna ko ba sa jin harshen juna. Tambura tara ne, kowanne baƙin hoto ne a kan fari, cikin akwati mai jan baki da ke tsaye a kan kusurwarsa. A kabad ɗin makaranta biyar muka fi cin karo da su. Harshen wuta yana nufin abin yana kamawa da wuta, kamar sifirit. Harshen wuta a kan da'ira wani abu ne dabam: shi ba lallai ya ci wuta ba, amma yana ingiza wasu su ci, kamar famanganet mai ruwan shunayya. Ruwa na ɗiga a kan hannu da ƙarfe yana nufin yana cin fata da ido, kamar asid mai ƙarfi da kostik soda. Alamar motsin rai tana nuna haɗari mai sauƙi, kamar sa ido ko fata zafi. Mataccen kifi da busasshiyar bishiya kuwa suna cewa kada a bari ya shiga ruwa ko ƙasa.

Kuskuren da muka fara yi shi ne haɗa tamburan wuta guda biyu wuri ɗaya, da tunanin duk wuta ce. Alhali su ne ya fi wajaba a raba, domin ɗaya itace ne, ɗayan mafici. Wani abin lura kuma, tsofaffin kwalabe suna ɗauke da akwati mai ruwan lemo maimakon mai jan baki. Tsohon tsarin Turai ne wanda sabon ya maye gurbinsa a hankali har zuwa 2015. Don haka duk inda muka ga ruwan lemo, mun san kwalbar ta daɗe, kuma ita muke fara dubawa.

Me ya sa za a kwafe tambari a rajista tunda yana jikin kwalba? Saboda takarda tana lalacewa. A kantar da aka ajiye asid ɗin HCl mai ƙarfi, tururinsa ya ci takardun kwalabe shida da ke maƙwabtaka da shi, ya kuma sa ƙarfen kantar tsatsa. Uku daga cikinsu har yau ba mu san mene ne a ciki ba. Kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba ta fi kowace wahalar fitarwa, don ba a sansana ta, ba a ɗanɗana, ba a zubar. Yanzu kowace kwalba tana da lamba da aka rubuta a gefenta da ƙasanta da alƙalamin da ba ya gogewa, aka lulluɓe da salatif. Ko takardar ta tafi, lambar za ta kai mu shafin rajista.

Gurbi na biyu shi ne yanayin ajiya. Wanda ya shirya kabad ɗinmu a da mutum ne mai son tsari, ya jera komai bisa haruffa kamar ƙamus. Wannan tsari ya dace da littattafai, amma yana iya haɗa maƙiya a kanta ɗaya. Mun sami famanganet kusa da gilisarin, alhali idan suka haɗu suna iya kama wuta da kansu ba tare da ashana ba. Mun sami jarkar bilic ta masu shara a ƙarƙashin asid, alhali haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. Sai muka sake jeri bisa dangi: asid a gefe guda, kostik soda da 'yan'uwansa a wani gefe, masu cin wuta dabam, masu ingiza wuta dabam, sauran gishirin da ba su da rigima a tsakiya. Masu cin fata muka sauko da su ƙasa da tsayin ido, kowane rukuni cikin farantin roba mai zurfi, don in kwalba ta tsage ruwan ya tsaya a farantin. A rajista, gurbin ajiya yana faɗin kanta, yana kuma faɗin abin da sinadarin ba ya so: haske, danshi, zafi, ko wani maƙwabci.

Ba mu ƙago wannan bayani daga kanmu ba. Kowane sinadari yana da takardar bayanin kariya mai sashe goma sha shida, wadda ya kamata mai sayarwa ya bayar. Ba sai an karanta duka ba. Sashe na 7 yana maganar ajiya, na 10 yana faɗin abin da bai kamata a haɗa shi da shi ba, na 13 yana maganar fitarwa. Waɗannan ukun sun isa cike rajista.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Takardun kwalabe da yawa suna cewa a ajiye tsakanin digiri 15 da 25. Mun rataya ma'aunin zafi a cikin kabad ɗinmu, wanda ke jingine da bangon yamma, a bazara muka ga ya haura 40. Masana sinadarai suna da ƙiyasin da suke aiki da shi, cewa ƙarin digiri goma yana kusan ninka saurin sauyin sinadari sau biyu. Ƙiyasi ne, ba ya daidai a kan kowane abu, amma ya isa ya nuna mana cewa abin da zai yi shekara a ɗaki mai sanyi yana iya gajiya cikin 'yan watanni a namu. Mun matsar da kabad ɗin zuwa bangon da rana ba ta duka, nesa da taga. Ba mu iya sayen na'urar sanyaya ɗaki ba, amma mun iya rage wa'adin da muke ba kowace kwalba.

Wannan ya kawo mu gurbi na uku, ranar buɗewa. Kwanan watan da kamfani ya buga a jikin kwalba alkawari ne mai sharaɗi biyu: ba a buɗe ba, kuma an ajiye yadda aka ce. Da zarar an buɗe, wani lissafi ya fara. Kostik soda, wato NaOH, misali ne da kowa zai iya gani da idonsa. Yana zuwa ne a matsayin fararen ƙwayoyi masu ƙarfi. Idan aka bar murfin a sake da damina, sai ya sha danshin iska ya jiƙe, ya kuma sha iskar CO₂ ya fara juyewa zuwa wani gishiri dabam. Namu mun same shi ya dunƙule wuri ɗaya kamar dutse. Malamar kimiyya ta narka ɗan kaɗan a ruwa, ta ɗiga asid mai rauni, sai ya yi ta kumfa. Kostik soda mai kyau ba ya yin wannan kumfar. Ga shi har yanzu yana iya ƙona hannu, amma bai dace da gwajin da ake buƙatar ma'auni daidai ba. Wato amfaninsa ya ragu, haɗarinsa na nan.

Ƙa'idar da muka kafa ita ce wanda ya buɗe shi ne zai rubuta, a ranar, kafin ya zuba ko ɗigo. Zai rubuta a jikin kwalba, ya rubuta a rajista, ya sa harufan sunansa. Kada kuma a buɗe kwalba ta biyu ta abu ɗaya sai ta farko ta ƙare. Mun sami kwalaben aidin uku duk a buɗe, kowace an ɗiba kaɗan.

Gurbi na huɗu, ranar fitarwa, shi ne wanda mutane suka fi mamaki. Ana cike shi ne a ranar da aka buɗe kwalba, ba ranar da aka ga ta lalace ba. Dalili kuwa, ranar buɗewa ce kaɗai ranar da muke da cikakken sani a kan kwalbar. Bayan shekara uku wataƙila an yi wa dukkanmu canjin wurin aiki, wanda ya gaje mu kuma ba zai yi ƙarfin halin zubar da kayan gwamnati ba. Zai tura kwalbar baya, kamar yadda aka tura waccan mai farin ɓawo. Rubutacciyar rana tana ba shi izini, tana kuma kāre shi idan masu binciken kaya suka zo.

Ga yadda muka cike layi guda, don ku ga aikin a zahiri. Kwalba mai lamba 17, H₂O₂, ruwan nan da ake wanke rauni da shi yana kumfa, mai ƙarfin kashi 6 cikin ɗari, mililita 500. Tambarinta alamar motsin rai, domin tana sa ido zafi. Ajiya: kantar masu ingiza wuta, cikin kwalbarta mai duhu, nesa da haske da sifirit. Kamfani ya buga Agusta 2026. An buɗe ta ranar 14 ga Janairu 2025 don darasin iskar da muke shaƙa. Wannan sinadari da kansa yake rabewa ya koma ruwa da iskar oksijin, zafi da haske da ƙura kuma suna hanzarta hakan, don haka muka ba shi wata shida daga buɗewa. Yanzu muna da rana biyu, Agusta 2026 da 14 ga Yuli 2025. Wadda ta fi kusa ita ake rubutawa, wato ta Yuli. Akwai kuma sharaɗi na uku da ke gaba da duka biyun: in kwalbar ta kumbura, ko abin ya kasa gwaji, ranarsa ta zo ko da saura wata biyar. Gwajinsa mai sauƙi ne. A zuba cokali guda a ƙaramin kofin gilas, a barbaɗa ɗan yis na burodi. Mai kyau yana tashi da kumfa nan take, domin irin wannan ƙarfin yana iya fitar da iskar da ta kai kusan ninki ashirin na yawansa. In ya yi shiru, ruwa kawai ya rage. Gara malami ya gano haka shi kaɗai da ya gano a gaban yara sittin.

Ba kowane abu ne ke da gajeren wa'adi ba. Shuɗin gishirin CuSO₄ yana shekaru in murfinsa a rufe yake. Ruwan sitaci da muke gwada aidin da shi kuwa kwanaki kaɗan yake yi ya yi tsami, don haka a haɗa shi ranar darasi. Duk abin da muka haɗa da hannunmu muna ba shi lamba da layinsa, kuma ba ya tsallake zangon karatu. Don kada mu warwatsa aiki, muna duba rajista a makon ƙarshe na kowane zango, mu fitar da duk abin da ranarsa ta cika ko za ta cika cikin hutu.

Fitarwa kuma ba zubarwa ba ce kawai. A nan akwai abin da za mu iya da wanda ya fi ƙarfinmu. Abin da muka iya shi ne irin wannan: ragowar asid ɗin HCl mai rauni, mililita 500, mai ƙarfin 1 M, wato giram 36.5 a kowace lita. Lissafi ya nuna yana buƙatar giram 42 na bekin soda don kashe kaifinsa, sai muka auna 50. A waje, da tabarau na kariya da safar hannu, muka zuba ruwa lita biyar a bokitin roba, sannan muka zuba asid ɗin cikin ruwan. Kullum asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Sai muka riƙa ƙara sodar cokali-cokali, domin wannan ɗan adadi yana fitar da iskar da ta kai kusan lita goma sha biyu, in aka juye gaba ɗaya bokitin zai yi ambaliya. Da kumfa ta daina tashi, muka tsoma takardar gwaji ta nuna kusan 7, wato ruwan gishiri ne ya rage. Shi muka zubar, muka bi shi da ruwa mai yawa, muka rubuta rana da hanya da sunayen shaidu biyu a rajista. Ba a goge layin abin da aka fitar, ja masa layi ake yi a bar shi yana karantuwa.

Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne duk mai ɗauke da tagulla ko dalma ko azurfa ko zaiba, da masu cin wuta, da kwalaben da ba a san su ba. Babu abin da za a zuba musu su daina zama guba. Magudanar makarantarmu a rami take ƙarewa, kuma a harabar nan rijiyar da yara suke sha take. Irin waɗannan muna rufe su, mu ware su cikin faranti a wurin da aka kulle, mu aika jerinsu ga ofishin ilimi don a tuntuɓi hukumar muhalli. Ba a ƙona su da shara, ba a binne su. Kwalbar da ta ƙare ma ba a barin kowa ya kai ta gida don zuba man gyaɗa ko kananzir. Iyalanmu da za su karanta wannan, musamman masu haɗa sabulu da kostik soda, muna roƙon kada a zuba ruwansa a robar ruwan sha, domin a ido ba shi da bambanci da ruwa.

Muna da roƙo biyu ga reshe. Na farko, takardar miƙa aiki ta duk malamin da ke riƙe da makullin kabad ta haɗa da rajista mai waɗannan gurabe, kuma kada wani ɗan ƙungiya ya sa hannu a kan kwalaben da bai gani ba. Na biyu, reshe ya tattara jerin abubuwan da ke jiran fitarwa daga dukkan makarantunmu, ya gabatar da shi a takarda guda, domin wasiƙar makaranta ɗaya tana iya kwana a teburi, ta reshe kuwa tana da nauyi.

A yau kabad ɗinmu yana da kwalabe ashirin da shida, kowace da lambarta da kwanan wata biyu a jikinta. Tara suna kulle suna jiran a zo a ɗauka, har da ukun nan da ba su da suna. Mun zo da kofen shafin rajistar, yana wurin sakataren reshe ga duk mai so. Wanda zai koma ya buɗe kabad ɗin makarantarsa, ya tafi da abokin aiki da fitila, ya buɗe tagogi, ya fara karantawa da ido kafin ya kai hannu. In ya ga ɓawo a wuyan kwalbar da bai sani ba, ya bar ta inda take ya kulle ƙofa.